Salon rubuta manazarta: Bambancin APA, MLA da IEEE, da yadda ake tsayawa kan guda

Kowane salon manazarta yana da fuska biyu: alamar da ake sa wa a cikin rubutu, da cikakken bayanin da ke ƙarshen rahoto. APA, wanda ya yi fice a fannin ilimi da nazarin zamantakewa, yana fifita shekara. MLA na masu adabi da harshe yana fifita shafi. IEEE na injiniyoyi kuwa lamba yake amfani da ita.

A ɗauki littafin Chinua Achebe da kamfanin Heinemann ya wallafa a Landan a 1958. A cikin rubutu, APA zai ce (Achebe, 1958), MLA ya ce (Achebe 12) idan daga shafi na 12 aka ciro maganar, IEEE kuma ya ce [1]. A ƙarshen rahoto, ga yadda ukun za su kasance bi da bi:

```
Achebe, C. (1958). Things fall apart. Heinemann.
Achebe, Chinua. Things Fall Apart. Heinemann, 1958.
[1] C. Achebe, Things Fall Apart. London, U.K.: Heinemann, 1958.
```

A dukkansu ana karkata haruffan sunan littafin. APA da MLA suna jera mawallafa bisa jerin haruffa, IEEE kuwa bisa wanda aka fara ambata. Saboda haka idan aka mayar da babi na uku gaban na biyu, lambobin IEEE za su rikice, sai an sake lissafa su.

A dogon rahoto, zaɓen salo kaɗai bai wadatar ba, sai an tsayar da bugunsa. Bugu na bakwai na APA, wanda ya fito a 2019, ya daina rubuta garin da aka buga littafi, alhali na shida yana rubutawa. Haka kuma, idan mawallafa sun kai uku, na bakwai yana taƙaita su da "et al." tun ambato na farko. Da zarar an ga wasu littattafai da sunan gari, wasu babu, to an cakuɗa bugu biyu, galibi saboda an kwafo manazarta daga ayyukan wasu.

Maganin shi ne jeri guda tun ranar farko, da hannu ko a manhaja irin su Zotero, ba kowane babi da nasa ba. A tsayar da siga ɗaya ga kowane suna, musamman sunayenmu da ake iya rubutawa ta hanyoyi da dama. Idan marubuci yana da ayyuka biyu a shekara guda, APA yana bambanta su da harafi: 2019a da 2019b.

Kafin miƙa aiki, a yi bita sau biyu: daga cikin rubutu zuwa jeri, sannan daga jeri zuwa cikin rubutu. Ambaton da ba shi a jeri a ƙara shi, aikin da ba a ambata ko'ina ba kuma a cire shi.