Nason Tambaya a Kan Tambaya: Hanyoyin Ware Amsoshi a Binciken Jin Ra'ayi

Tsakure

Amsar da mutum yake bayarwa a binciken jin ra'ayi takan sauya gwargwadon tambayar da aka yi masa kafinta. Wannan maƙala ta kira lamarin da sunan naso, ta bi diddiginsa ta hanyar gwaje-gwaje uku da aka wallafa, ta kuma bayyana musabbabansa biyu: yadda ƙwaƙwalwa take tuno abu, da ladubban hira. Daga nan ta nuna yadda ake gano naso ta hanyar raba masu amsa gida biyu, da matakan rage shi a binciken da ake yi baki da baki da Hausa, tare da iyakar kowane mataki.

1.0 Gabatarwa

Mai tsara takardar tambayoyi yana lissafa kowace amsa a matsayin ma'auni mai cin gashin kansa. Tambaya ta goma tana da gurbinta a jadawali, ta goma sha ɗaya ma haka, kuma a wajen nazari ba a tsammanin ɗaya ta shafi ɗaya. Shi kuwa mai amsa ba gurabe yake gani ba. Hira ce ake yi da shi, duk abin da aka faɗa ɗazu yana nan a zuciyarsa lokacin da sabuwar tambaya ta iso. Kalmar naso ta dace da wannan hali. Da ita ake kwatanta rinin da ya zuba daga wani tufafi ya kama na kusa da shi, da ita kuma masana tsarin sautin Hausa suke kiran tasirin wani sauti a kan maƙwabcinsa. A nan ana nufin duk wani bayani, ko hukunci, ko wa'adin lokaci da ya tsallako daga tambayar da ta gabata ya shiga amsar da ke biye.

2.0 Shaidar Gwaje-gwaje

Misalin da ya fi shahara ya fito ne daga Amurka a 1948, kuma Herbert Hyman da Paul Sheatsley suka wallafa shi a 1950. An yi wa mutane tambayoyi biyu: ko ya dace Amurka ta bar 'yan jaridar ƙasashen kwaminisanci su shigo su aika da labarai gida, da kuma ko ya dace ƙasa irin Rasha ta bar 'yan jaridar Amurka su yi hakan. Inda tambayar 'yan jaridar kwaminisanci ta zo a farko, kimanin kashi 36 cikin ɗari ne suka amince. Inda ta zo ta biyu, masu amincewa sun kai kashi 73. Kalmomin tambayar ba su sauya ba ko da harafi ɗaya. Wanda ya riga ya ce a bar nasu su shiga ƙasar wasu, yana jin nauyin hana na wasu shiga tasa. Howard Schuman da Stanley Presser sun maimaita gwajin a 1980, kuma tasirin ya sake bayyana, ko da yake tazarar ta ragu.

Gwaji na biyu ya nuna cewa naso ba hanya ɗaya yake bi ba. Norbert Schwarz da Fritz Strack da Hans-Peter Mai sun wallafa shi a 1991, bayan sun tambayi Jamusawa gamsuwarsu da rayuwa baki ɗaya da kuma gamsuwarsu da zaman aure ko soyayya. Sun auna dangantakar amsoshin biyu da ma'aunin da 0 yake nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa. Da tambayar rayuwa ta gabata, ma'aunin ya tsaya a 0.32. Da tambayar aure ta gabata, ya haura zuwa 0.67. Da aka haɗa tambayoyin a ƙarƙashin gabatarwa guda, wadda ta sanar da mai amsa cewa za a yi masa tambayoyi biyu a kan fannonin rayuwarsa, sai ya faɗi zuwa 0.18, alhali tambayar auren ce dai a gaba. Manazarcin da ya ga sakamako ɗaya kawai daga cikin ukun zai iya cewa aure ne ginshiƙin jin daɗin mutane, ko ya ce bai taka kara ya karya ba, kuma kowace magana tana da alƙaluman da za ta jingina da su.

3.0 Musabbabai

Musabbabi na farko yana cikin yadda ake tuno abu. Wanda aka tambaya yadda rayuwarsa take ba ya zama ya auna lafiya da sana'a da iyali ɗaya bayan ɗaya. Yakan ɗauki abin da ya fi kusa da zuciyarsa a lokacin, ya gina hukunci a kansa. Tambayar da ta gabata ita ce ta ajiye abin a kusa, shi ya sa amsar ta biyu take karkata zuwa ga ta farko. Tambaya mai faɗi ta fi fuskantar wannan haɗari, domin ba ta fayyace wa mai amsa abin da zai duba ba.

Musabbabi na biyu ladabin hira ne. Masanin falsafa Paul Grice ya bayyana cewa masu hira suna bin ƙa'idar ba da bayani daidai buƙata, ba tare da maimaita abin da abokin magana ya riga ya sani ba. Idan aka tambayi magidanci lafiyar uwargidansa, sannan aka ce "ya iyali?", zai fahimci cewa sauran mutanen gidan ake nufi. Haka ya faru a gwajin 1991: gabatarwar haɗin gwiwa ta sa masu amsa suka ɗauki tambayar rayuwa da ma'anar "ban da auren da ka riga ka faɗa". Wannan ma naso ne, sai dai na cirewa. Mai amsa bai yi kuskure ba. Ya amsa tambayar da ya ga an yi masa, wadda ba ita ce mai bincike ya rubuta ba.

4.0 Gano Naso

Ba a gane naso ta duban amsar mutum ɗaya, domin babu alamar da take rarrabe amsar da ta nasa da wadda ba ta nasa ba. Hanyar da ta tabbata ita ce a buga takardar siga biyu. A siga ta farko tambaya A tana gaban B, a ta biyu B tana gaban A, sauran komai iri ɗaya. Sai a raba masu amsa ta hanyar ƙuri'a, ba bisa zaɓin mai tambaya ba, kuma kowane mai tambaya ya yi aiki da sigogin biyu, don kada bambancin ma'aikata ko na unguwanni ya sajje da bambancin jeri.

Ga misali na lissafi. A ce kowane rukuni yana da mutum 400, kuma masu cewa "e" ga tambaya B suna kusa da rabi. Kuskuren samfuri na bambancin rukunan biyu zai kasance √(0.25/400 + 0.25/400), wato kimanin 0.035. Idan aka ninka shi biyu, za a sami maki 7 cikin ɗari. Ke nan in rukuni ɗaya ya ba da kashi 48, ɗayan kashi 52, ba a da hujjar zargin jeri. In kuwa 44 ne da 56, tazarar maki 12 ta wuce abin da dace kaɗai zai haifar. Wannan lissafi na samfurin da aka zaɓo mutum ɗaiɗai ne. Inda aka zaɓi ƙauyuka ko unguwanni tukuna, kuskuren yakan fi haka girma. Kuma bayan kason masu cewa "e", wajibi ne a kwatanta dangantakar A da B a rukunan biyu, domin naso yana iya sauya dangantaka ya bar matsakaicin amsa a inda yake.

5.0 Matakan Warewa da Iyakokinsu

Mataki na farko shi ne a sa tambaya mai faɗi kafin masu ƙunci: gamsuwa da rayuwa kafin gamsuwa da aure, ra'ayi a kan asibiti baki ɗaya kafin tambayar tsadar magani. Iyakarsa ita ce tambaya ɗaya ce kawai za ta iya zama ta farko, kuma tambayoyi masu girma ɗaya, irin na 'yan jaridar nan, babu mai faɗi a cikinsu. A irin wannan hali sai a juya jerin tsakanin masu amsa, a ba da rahoton kowane jeri daban.

Mataki na biyu shi ne sanya tambayar tsallakawa. Angus Deaton ya bayar da rahoto a 2012 a kan binciken kullum na kamfanin Gallup a Amurka, inda mutane suke sanya rayuwarsu a kan tsani mai matakai daga 0 zuwa 10. Waɗanda aka fara yi wa tambayoyin siyasa sun sanya kansu ƙasa da sauran da fiye da rabin mataki, ragin da ya kusa kai wanda rasa aiki yake jawowa. Da aka cusa gajeriyar tambaya mai maido da hankalin mutum ga rayuwarsa ta ƙashin kansa, tasirin ya ragu ƙwarai. Darasin shi ne tazara kaɗai ba ta isa. Abin da aka sa a tsakani dole ya juya hankali zuwa sabon batun.

Mataki na uku ya shafi tambayoyin abin da ya faru, kuma ya fi muhimmanci inda ake karanta wa mutane tambaya da baki. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Nijeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 da takardun da aka fassara zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, yana tambayar uwa ko kowane ɗanta da bai kai shekara biyar ba ya yi gudawa ko zazzaɓi a cikin mako biyun da suka wuce. A kowane bincike mai irin wannan tsari, haɗarin yana cikin taƙaitawa. A ce ma'aikaciya tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta gama tambayoyin ƙaramin yaro, sai ta nuna yayarsa ta ce "ita fa?". Uwa ta ce "ita ma haka". Wannan amsa ba ta nuna ko ciwon ɗaya ne, ko maganin ɗaya ne, ko ma a cikin mako biyun ne ba. Gyaran shi ne kowace tambaya ta ɗauki kayanta: a ambaci sunan yarinyar, a ambaci ciwon, a sake faɗin wa'adin, ko da an faɗe shi sau uku a baya. Inda wa'adi ya sauya, misali daga wata goma sha biyu zuwa kwana bakwai, sai a sanar da sauyin a fili, a kafa shi da abin da mai amsa ya sani, kamar "daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau".

Maimaitawa tana da tsada. Tana tsawaita hira, kuma a kunnen Bahaushe sake tambayar abin da aka amsa yana kama da rashin yarda da maganar mutum. Don haka ya kamata a shaida wa mai amsa tun farko cewa za a tambayi kowane yaro shi kaɗai, kuma ba shakkar maganarta ake yi ba. Mai duba aiki kuma yana iya gano taƙaitawa daga bayanan da aka tattara: ma'aikacin da amsoshin yara 'yan gida ɗaya suke zuwa iri ɗaya a hannunsa fiye da na abokan aikinsa, ko wanda na'ura ta nuna yana gama sashen yaro na biyu cikin daƙiƙu kaɗan, ya cancanci a raka shi fili a saurari yadda yake tambaya.

6.0 Kammalawa

Babu jerin da yake kawar da naso gaba ɗaya, domin kowace tambaya, ban da ta farko, tana da wadda ta gabace ta. Abin da yake hannun mai bincike shi ne ya rage shi da jeri da tsallakawa da cikakkiyar tambaya, ya auna ragowarsa da sigogi biyu, sannan ya wallafa takardar tambayoyin yadda aka jera ta. Inda ake son kwatanta shekara da shekara, dole ne tambayoyin da suke gaban wadda ake bibiya su zauna yadda suke, in ba haka ba sauyin jeri zai bayyana a jadawali da kamannin sauyin ra'ayin jama'a.