Daga "Halo" Zuwa Saƙon Murya: Yadda Waya Ta Sauya Gaisuwarmu

Gaisuwar Bahaushe doguwa ce: kwana, gajiya, iyali, aiki, sannan a shiga zance. Amma wanda ya yi zama nesa da gida ya san cewa waya ta taɓa gutsure wannan gaisuwa, kuma kuɗin kira ne ya jawo.

Kalmar "halo" aro ce. A 1877 Thomas Edison ya ba da shawarar a riƙa buɗe kiran tarho da ita, ta bi Turawa ta iso mana. A zamanin NITEL, gidaje kaɗan ne ke da layi. Mutum kan kira shagon wani ko gidan maƙwabci, ba ya sanin wanda zai ɗauka. Shi ya sa kira ke farawa da sallama, sai "wa ke magana?", sai kuma "don Allah a kira mini wane, zan sake bugowa". Wanda bai da wannan hanya sai ya rubuta wasiƙa, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya ba direban motar goro ko ta shanu mai komawa Arewa.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, ta hannun Econet da MTN. Kira ya kai kusan naira 50 a minti ɗaya, kuma da minti ake lissafi. Idan ka yi minti ɗaya da daƙiƙa ɗaya, kuɗin minti biyu za a cire.

A ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, yana so ya shaida wa mahaifinsa cewa ya ba direba saƙo. Ya je wurin masu laima da ke ba da hayar waya. Da ya bi al'ada, "Baba, barka da warhaka, ya jikin Inna, ya damina?" da amsoshinsu sun cinye minti guda, naira 50 ta tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sai aka koma ga gajeriyar hanya: "Salamu alaikum Baba, ni ne, kowa lafiya? Na ba direba saƙo, gobe zai iso." Rufewar ma ta zama uzuri: "Baba, katina zai ƙare, a gaida mutan gida." Dattawa da yawa sun ɗauki wannan a matsayin rashin ladabi kafin su gane dalili.

A wannan lokaci ne "kana ji na?" ta zauna a bakin mutane. Turakun sadarwa ba su wadata ba, murya na yankewa, wani a ƙauye sai ya hau tudu. Tambayar ta shafi aljihu, domin mai kira ba ya son ya biya kuɗin maganar da ba a ji ba. Ana amsawa da "ina jin ka", ko "ka ɗan matsa, sabis ba kyau". Ga babba kuwa, "kuna ji na, Baba?" ake cewa, da "ku" na girmamawa.

A 2003 Glo ya shigo da lissafi da daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi. Da farashi ya sauka, sai gaisuwa ta fara miƙe ƙafa, har aka dawo da addu'ar rufewa: "Allah ya bar zumunci", "Allah ya sada mu da alheri", ɗayan na amsawa da amin.

Saƙon murya na WhatsApp ya fito a 2013, kuma ya mayar da mu zamanin kaset. Babu mai amsa gaisuwa nan take, don haka mai magana yana amsa wa kansa kamar a wasiƙa: "Da fatan kuna lafiya, mu ma nan lafiya lau." Ba a bukatar "kana ji na?", sai dai a rufe da "idan ka saurara ka sanar da ni".

Sai dai ga inda ake samun matsala. Saƙon murya yana yawo daga zaure zuwa zaure. Sanarwar rasuwa da aka ce "yau za a yi jana'iza" kan dawo bayan mako, jama'a su ruɗe, domin mai maganar bai faɗi sunansa ko rana ko unguwa ba. Tsohuwar tambayar "wa ke magana?" ta dawo, amma babu wanda za a yi wa ita.

Don haka idan za mu tura sanarwa, bayan sallama mu faɗi suna da gari da kwanan wata. Idan kuma da iyaye muke waya, mu cika gaisuwa tunda uzurin kati ya ragu, mu kuma bari su fara ajiyewa.

Wassalam. A gaida mutan gida.