Yadda Ake Daidaita Kwanan Wata da Lokaci Wajen Haɗa Rajistar Rassa a Rahoto Guda

Rajistar aiki ita ce jerin bayanan da na'ura ke ajiyewa da kanta, layi bayan layi: an karɓi kaya kaza, an biya kuɗi kaza, a rana kaza da ƙarfe kaza. Muddin reshe guda ake dubawa, ba a cika samun tangarɗa ba, domin agogo ɗaya ne, salon rubuta kwanan wata ma ɗaya ne. Matsalar na tasowa ne ranar da hedikwata ta ce a haɗa na dukkan rassa a fitar da rahoton wata. Kowane layi yana ɗauke da abubuwa biyu da ba a rubuta a jikinsa ba: wace lamba ce rana wace ce wata, kuma agogon wane gari aka duba. Wanda ya zuba fayilolin wuri guda kafin ya tantance waɗannan biyu ya riga ya ɓatar da amsar.

Mu ɗauki misalin wani kamfanin jigilar kaya mai hedikwata a Kano da rassa a Akra, Jidda da Landan, wanda ke son rahoton watan Maris na 2024.

Rana ce a gaba ko wata?

A Najeriya da Birtaniya ana fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ke zuwa farko. Saboda haka `03/04/2024` na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, kuma babu abin da ke cikin lambobin da zai raba gardamar. Ba sai kamfani na da reshe a Amurka ba kafin ya faɗa wannan rami. Ya isa a ce kwamfutar reshe guda an bar ta a kan saitin da ta zo da shi daga kanti. A misalinmu, ta Akra ce haka.

A kowace shekara akwai ranaku 144 da lambarsu ba ta wuce 12 ba. Idan aka cire 12 da rana da wata suka zo ɗaya, irin su `03/03`, saura 132 da za a iya karantawa ta fuska biyu. Sauran ranakun shekara su ke tona asiri, domin babu wata na 13. Don haka gwajin farko mai sauƙi ne: a buɗe fayil ɗin kowane reshe shi kaɗai, a nemi lamba da ta haura 12. Idan ta bayyana a gurbin farko, rana ce a gaba. Idan a na biyu, wata ne. Idan ta bayyana a duka biyun, an riga an gauraya fayil ɗin, ko kuma an sauya saitin na'urar a tsakiyar wata. Fayil da bai wuce ranar 12 ba kuwa bai amsa wannan gwaji, sai a tambayi reshen ko a gwada da takardar rasit.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel. Manhajar tana bin saitin kwamfutar da take kai, kuma ba ta yin gargaɗi. A kwamfutar Kano, layukan Akra na ranakun 1 zuwa 12 ga Maris za su juye: `03/01/2024` ya zama 3 ga Janairu, `03/02/2024` ya zama 3 ga Fabrairu, haka har 3 ga Disamba. Na 13 zuwa 31 kuwa, da yake ba su karantu ba, sai ta bar su a matsayin rubutu zalla. Alamun a bayyane suke ga mai lura. Wasu kwanakin suna jingine a dama, wasu a hagu, sannan aikin reshen ya watsu a ranar 3 ga kowane wata, har da watannin da ba a kai ba tukuna. Dabarar `ISNUMBER` tana bambanta su, domin kwanan da Excel ta karɓa lamba ce a wurinta: 3 ga Afrilu 2024, alal misali, 45385 ne.

Maganin shi ne a shigo da fayil ta `Data > From Text/CSV`, a bar gurbin kwanan wata a matsayin rubutu, sannan a juya shi ta `Using Locale` ana faɗa wa manhajar salon da reshen ya yi amfani da shi. Idan kuma an riga an buɗe an adana a kan na asali, ya fi aminci a nemi reshen ya sake turowa da a zauna ana gyara da hannu.

Agogon wane gari?

Ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne UTC. Akra tana daidai da shi duk shekara. Kano tana gaba da awa ɗaya, kamar Yamai da Njamena, Jidda kuma da awa uku. Waɗannan ba sa motsi da rani ko damina. Landan ce ke motsi: tana daidai da UTC a lokacin sanyi, tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wato rabin shekara da ɗoriya agogonta ɗaya da na Kano, sauran watannin kuma tana baya da awa guda. A 2024 sauyin ya faɗo ranar 31 ga Maris, daidai ranar rufe rahoton da muke magana a kai.

Wannan ne ya sa ba a rubuta wa reshe tazara ƙayyadajjiya, a ce Landan sifili ce shi ke nan. Abin da ake rubutawa shi ne sunan yankin kamar yadda yake a kundin IANA, wanda kusan duk manhajoji ke dogara da shi: `Africa/Lagos`, `Africa/Accra`, `Asia/Riyadh`, `Europe/London`. Sunan yana tafe da tarihin sauye-sauyen wurin. Ko ƙasar da ba ta sauyin bazara tana iya canza agogonta da doka. Sudan ta koma daga awa uku zuwa awa biyu gaba da UTC ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka mai haɗa tsofaffin bayanan Khartum da tazarar yau zai kuskure da awa guda a bayanan lokacin da ƙasar take kan awa uku. Gajerun sunaye ma ba abin dogaro ba ne, domin `BST` na nufin lokacin bazarar Birtaniya, yana kuma nufin lokacin Bangaladash.

Layuka huɗu a daren rufe wata

Ga abin da rassan suka rubuta a ƙarshen watan, da abin da kowanne ya zama a UTC:

```
Landan  31/03/2024 23:30  ->  2024-03-31T22:30:00Z
Jidda   01/04/2024 01:40  ->  2024-03-31T22:40:00Z
Kano    31/03/2024 23:50  ->  2024-03-31T22:50:00Z
Akra    03/31/2024 23:20  ->  2024-03-31T23:20:00Z
```

Salon da ke dama shi ne ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana, sannan lokaci, harafin `Z` kuma yana nufin UTC. Amfaninsa biyu ne. Ba ya karantuwa ta fuska biyu, kuma ko a matsayin rubutu aka jera shi, yana bin tsarin faruwa.

Mai duba agogon bango kawai zai ce na Akra ne ya fara faruwa, na Jidda ya zo ƙarshe. A zahiri na Akra ne na ƙarshe, minti 40 bayan na Jidda. Sai kuma tambayar da ba na'ura ke amsa ta ba: watan Maris na wa? Idan kamfanin ya yanke cewa agogon hedikwata ne ma'auni, to Maris ya fara daga `2024-02-29T23:00:00Z`, ya ƙare kafin `2024-03-31T23:00:00Z`. A kan haka layin Jidda, duk da yana ɗauke da 1 ga Afrilu, na Maris ne, layin Akra mai ɗauke da 31 ga Maris kuma ya tsallaka Afrilu, domin a Kano ƙarfe 12:20 na dare ne. Na Landan yana cikin Maris, amma da an ba shi tazarar sifili da aka yi amfani da ita kwana guda kafin nan, da ya fita daga rahoton ba bisa ƙa'ida ba.

Kamfani na iya zaɓar akasin haka, ya ce kowane reshe ya rufe wata da agogonsa, kuma sau da yawa hakan ya fi dacewa da littafin akawun reshen. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta shi a saman rahoton, in ba haka ba jimillar hedikwata da ta reshe za su saɓa a rasa dalili.

A Python, daga siga ta 3.9, juya layi guda ba ya wuce haka:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo
t = datetime.strptime("03/31/2024 23:20", "%m/%d/%Y %H:%M")
t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo("Africa/Accra"))
print(t.astimezone(ZoneInfo("Africa/Lagos")).isoformat())
# 2024-04-01T00:20:00+01:00
```

Abin lura a nan shi ne an faɗi salon a fili, ba a bar manhaja ta yi hasashe ba. Layin da bai dace da salon reshensa ba zai tsayar da aikin da saƙon kuskure, kuma hakan ake so. A ware irin waɗannan layuka gefe, a ƙirga su. Adadin da ya shiga dole ya yi daidai da waɗanda aka juya haɗe da waɗanda aka ware. A kuma bar rubutun asali da sunan reshe kusa da sabon lokacin, don a samu abin komawa.

Abin da juyawa ba ta warwarewa

Wasu na'urori tun asali da UTC suke rubutu ko da a Kano suke, kuma idan aka sake cire musu awa ɗaya an juya sau biyu ke nan. Ana gane wannan da duba layin farko na kowace safiya. Reshen Kano da ke buɗewa ƙarfe 8 amma rajistarsa kullum tana farawa ƙarfe 7, da UTC yake rubutu. Haka nan idan layin farko na Landan ya ja baya da awa guda daga 1 ga Afrilu alhali ma'aikata ba su sauya lokacin zuwa ba.

Akwai kuma awa guda da babu dabarar da ke ceto ta. Ranar 27 ga Oktoba 2024 agogon Landan ya koma ƙarfe 1 bayan ya kai ƙarfe 2 na dare, don haka 01:30 ya faru sau biyu. Layin da ya ce 01:30 ba tare da tazara ba, ba a san na farko ba ne ko na biyu, sai dai a duba lambar jerin layukan ko abin da ke gaba da bayansa. Python, idan ba a ce mata komai ba, tana ɗaukar na farko. Ranar 31 ga Maris kuwa 01:30 bai wanzu ba sam a Landan, domin agogo ya tsallaka daga ƙarfe 1 zuwa 2. Layin da ya zo da wannan lokaci yana nuna cewa na'urar ba da agogon garin take rubutu ba. Gyaran dindindin yana can reshe: a saita na'urar ta riƙa rubuta tazara a jikin kowane layi, kamar `2024-10-27T01:30:00+01:00`, wanda ya bambanta da `2024-10-27T01:30:00+00:00` da ke zuwa awa guda bayansa.