Idan Wayarka Ta Ɓata: Yadda Ake Gano Ta, a Kulle Ta ko a Goge Ta Daga Nesa

Duk wanda ya taɓa shiga danfo daga Oshodi da yamma, ko ya kutsa cikin cunkoson Mile 12 lokacin da ake sauke tumatir, ya san waya ba ta da wuyar barin aljihu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wayar Android da ke hannunsu, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko Redmi, tana da hanyar da mai ita zai ga inda take, ya kulle ta, ko ya goge duk abin da ke ciki ba tare da ya taɓa ta ba. Kyauta ne. Sai dai yana aiki ne kawai idan an shirya shi tun wayar tana hannu.

Manhajar ta Google ce. An daɗe da saninta da Find My Device, a 2025 aka sauya mata suna zuwa Find Hub, don haka kowanne ka gani a wayarka abu ɗaya ne.

Abin da za a shirya tun yau

Na farko, kuma inda aka fi faɗuwa, shi ne asusun Gmail da ke kan wayar. Da yawanmu a shagon da muka sayi waya ake buɗe mana shi. Yaron shago ya rubuta wani suna, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, ya miƙo waya, shi ke nan. Shekara biyu ana amfani da ita lafiya lau, don ba ta sake tambaya. Ranar da ta ɓata kuwa, da wannan adireshin da wannan kalmar sirrin kaɗai za ka iya shiga nemanta. Gwajin mai sauƙi ne: ari wayar wani, ka buɗe android.com/find, ka gwada shiga da asusunka. In ka shiga ka ga wayarka a taswira, ka tsira. In ka kasa, sauya kalmar sirrin yanzu, tun lambar tabbatarwa tana iya iso ka, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida.

Wannan lambar tabbatarwar ita ce tarko na biyu. Idan ka shiga asusunka daga baƙuwar waya, Google kan nemi tabbacin cewa kai ne, ya aika saƙo zuwa wayarka. To wayar ce fa ta ɓata. Maganinsa lambobin ajiya: shiga myaccount.google.com, ka je Security, sai 2-Step Verification, sai Backup codes. Za a ba ka lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Kwafe su da biro. Kar ka ɗauki hotonsu ka bari a cikin wayar, don tare za su tafi. Yana da kyau kuma ka ƙara lambar wayar matarka ko ɗan'uwanka a matsayin ta biyu.

Sai abubuwan da ke cikin wayar kanta. A Settings, shiga Google, ka nemi Find Hub ko Find My Device ka tabbatar a kunne yake. Location ma ya zauna a kunne. Na san dalilin da ya sa ake kashe shi, wai yana shan caji, amma wayar da aka kashe wa Location ba za ta faɗi inda take ba. Haka ma data: umarnin kullewa ko gogewa ta intanet yake isa wayar, in babu data babu Wi-Fi, sai dai ya zauna yana jira. Tun 2024 akwai ƙarin hanyar da wasu wayoyin Android da ke kusa kan ji siginar Bluetooth ta wayarka su ba da rahoton wurinta ko da ba ta kan intanet, ana kunna ta a Find your offline devices. Tana taimakawa a wuri mai jama'a kamar kasuwa ko tasha, amma wuri kawai take nunawa, ba ta isar da umarni.

Makullin fuskar waya dole ne. Sa PIN mai alƙaluma 6, ba shekarar haihuwarka ba. Ka riƙe shi a ka, don wani lokaci shafin neman wayar kan tambaye shi kafin ya nuna wurin.

Wayoyi masu Android 10 zuwa sama suna da wani sashe, Theft protection, a ƙarƙashin Google cikin Settings. A ciki akwai Remote Lock, wanda a ganina ya fi komai dacewa da mutanenmu: in ka kunna shi aka tabbatar da lambarka, ranar tsautsayi sai ka buɗe android.com/lock a wayar kowa, ka rubuta lambar wayarka, fuskar ta kulle, ba sai ka tuna kalmar sirrin Gmail a cikin ruɗani ba. Akwai kuma Offline Device Lock, mai kulle fuskar da kansa idan aka yanke wayar daga intanet. Ƙananan wayoyi masu Android Go ba duka waɗannan suke da su ba, duba taka ka gani.

A ƙarshe ka rubuta lambar IMEI, mai alƙaluma 15, wadda 'yan sanda za su tambaya. Tana jikin kwalin wayar, ko ka danna:

```
*#06#
```

Layin waya daban, waya daban

Google waya yake kullewa, ba ya kulle layi. Ɓarawon da ya san aikinsa ba ruwansa da PIN ɗinka. Zai zare SIM ya sa a ƙaramar waya mai madanni, kuma a wannan layin ne saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa suke shigowa. Don haka ka sa wa SIM ɗin nasa PIN, ana samunsa a Settings da sunan SIM lock ko SIM card lock. Da shi, duk wayar da aka sa layin a ciki sai ta nemi lambar kafin ta yi aiki. A yi hattara wajen kunnawa: zai fara tambayar PIN na asali da kamfanin ya sa, kuma kuskure sau 3 yana rufe layin sai da PUK, wanda ke jikin katin da aka ɓalle SIM ɗin. Kar ka yi ta canka, kira 300 ka tambayi kamfanin layinka.

Ranar da abin ya faru

A ɗauka wani ɗan kasuwa ne ya tashi daga Mile 12 zai koma gida Agege. Ya sauka mota da ƙarfe 6:40, ya shafa aljihu, babu waya. Ya riga ya yi shirin da muka faɗa.

Abu na farko, ya ari wayar mai shayi ya buɗe android.com/lock ya kulle fuskar. Minti ɗaya. Sannan ya shiga android.com/find da asusunsa. Idan mai wayar yana da manhajar Find Hub, akwai Sign in as guest, wanda aka yi don irin wannan. In ta burauza ne, ya buɗe shafin Incognito don kar asusunsa ya zauna a wayar mutane.

Yanzu ya karanta abin da ke gabansa, kuma lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin sunan wayar ya fi taswirar muhimmanci. Idan ya nuna an gan ta yanzu-yanzu kuma alamar tana tafiya a kan titi, wataƙila tana cikin motar, ta zame ƙarƙashin kujera. Nan Play sound ke da amfani, don yana sa ta yi ƙara da ƙarfi har minti 5 ko da an rufe mata murya. Sai ya danna Mark as lost, a wasu wayoyin Secure device, ya rubuta saƙo da lambar ɗan'uwansa, su fito a fuskar wayar don mai gaskiyar da ya tsinta ya kira. Idan kuwa ya ga an gan ta ƙarshe da 6:05 a wajen Oshodi, alhali cajinta ya kai rabi, to ba mutuwa ta yi ba, kashe ta aka yi. Wannan sata ce, kuma kar ya sa ta ƙara in ta dawo, don tuna wa ɓarawo kawai zai yi.

Daga nan tsarin yana da muhimmanci. Umarnin kullewa ya fara tafiya, sannan banki, sannan layi. Dalili shi ne rufe layi yana yanke wa wayar data, umarnin da bai isa ba kuma sai ya tsaya. Amma kar jiran ya wuce 'yan mintuna. Ya kira bankinsa a dakatar da asusun, haka ma OPay ko Moniepoint in yana da su, sannan ya kira kamfanin layi a rufe. Washegari ya je ofishinsu da NIN ya karɓi sabon SIM a kan lambarsa. Da ya buɗe WhatsApp da lambar a wata waya, na tsohuwar zai fita da kansa.

Game da taswira: da'irar da ke zagaye da alamar tana nufin wayar tana wani wuri a cikinta. A kasuwa irin Computer Village ta Ikeja, ƙaramar da'ira ma ta haɗiye shaguna da yawa, bene da ƙasa. Kar ka tara 'yan'uwa ku je ku riƙe wani da zargi. A garin da kake baƙo, irin wannan rigimar kan juya ta zama ta ƙabila cikin minti kaɗan. Ɗauki hoton taswirar da lokacin, ka haɗa da IMEI da rasit ka kai wa 'yan sanda.

Gogewa

Factory reset device, ko Erase device, shi ne mataki na ƙarshe kuma ba a dawowa daga gare shi. Yana share hotuna, saƙonni da manhajojin banki, amma mai yiwuwa bai taɓa katin memori ba. Bayan an goge, wayar ta daina nuna wurinta. In a kashe take, umarnin zai jira, ya yi aiki ranar da ta hau intanet. Abin da ba ka ajiye a Google ba, irin hotunan rasit da lambobin abokan ciniki da ke cikin wayar kawai, ya tafi ke nan.

Yaushe za a goge? In wayar tana da PIN mai ƙarfi, banki da layi an rufe, ana iya jiran kwana ɗaya ko biyu ko za a kira. In an fizge ta a buɗe, ko wani ya ga lokacin da kake danna PIN, goge ta nan take. Ko bayan gogewa, wayar za ta nemi asusun Google ɗinka kafin ta buɗe wa wani. Masu gyara a kasuwa kan ƙetare wannan a wasu wayoyin, amma ko sun yi, fanko za su samu.

Masu iPhone hanyarsu icloud.com/find ce, kuma shiga wannan shafin ba ya neman lambar tabbatarwa. Abin kunnawa tun farko Find My iPhone ne, da Find My network da Send Last Location. Su kam sau da yawa bayan sata sukan samu saƙo wai daga Apple, an ga wayarsu, su danna nan su shiga. Ɓarayin ne ke neman kalmar sirri don su cire makullin. Kar a danna, kuma kar a cire wayar daga asusun ko bayan an goge ta.