Daga Sifawa zuwa rumfar zaɓe: wa huɗubar jajibiri take nufi?

A Najeriya ranar Asabar ake zaɓe, Dokar Zaɓe ta 2022 kuwa ta ce a rufe yaƙin neman ƙuri'a saura awa 24 a shiga ranar zaɓe. Saboda haka idan Juma'ar jajibiri ta zo, motocin lasifika sun yi shiru, maroƙan jam'iyya sun ajiye ganga, murya ɗaya ce ta rage wadda za ta tara dubban masu katin zaɓe wuri guda, wato ta liman a kan mumbari. A Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal, huɗubar wannan rana takan zagaya abubuwa uku: a zauna lafiya, a riƙe gaskiya, a zaɓi mutumin kirki. Ba wanda zai ja da ko ɗaya. Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka saba jera su da kuma wanda ake fuskanta da su, domin sau da yawa haƙuri ake ɗora wa talaka, a bar mai raba kuɗi da mai rubuta sakamako suna sahun gaba suna gyaɗa kai. Tarihin waɗannan garuruwa ya nuna cewa gaskiya ce ke gaba, kuma wa'azin da ya taɓa tasiri a wannan ƙasa shi ne wanda malami ya fara da mutanen gidansu.

Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, har ya koma Sakkwato a 1815. A lokacin an riga an ci yaƙi, sarakunan Gobir da ya yi shekaru yana suka sun kau, mulki yana hannun almajiransa da danginsa. Da wa'azin Shehu na neman mulki ne, da nan ya tsaya. Maimakon haka sai ya juya kan jama'arsa, yana gargaɗin masu riƙe da tuta game da cin dukiyar talakawa, da karɓar toshiya, da danne hukunci don son wani. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka ba ɓangaren yamma a rabon aiki na 1812 kuma ya zauna a Boɗinga kafin Gwandu, ya fi shi zafi a wannan fage. Tun ana tsakiyar yaƙi ya ga son duniya ya shiga mutanensu, ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkami don ya nuna wa sababbin masu mulki iyakarsu. A ra'ayinsa shugabanci amana ce da masu ilimi da faɗa a ji suke ɗora wa wanda ya cancanta, idan ta koma gado da ƙarfin tuwo ta zama sarauta irin wadda aka yaƙa.

Ba a daɗe ba aka gwada shi da abin da ya rubuta. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ruwayar da ta shahara ma cewa take ƙofar gari aka rufe masa. Shi ne babba, shi ne malamin Bello, shi ne wazirin Shehu, yana kuma da mayaƙa. Bai zare takobi ba, ya juya ya koma. Bai kuma yi kamar ba abin da ya faru ba, don an yi shekaru da sanyin jiki tsakaninsu, har zuwa yaƙin Kalambaina ta wajen Gwandu kusan 1820, inda Bello ya kai wa baffansa ɗauki, Abdullahi kuwa ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi a gaban jama'a. Wannan labari ya fi kowace doguwar nasiha amfani ga limamin jajibirin zaɓe, saboda ya nuna inda zaman lafiya yake fitowa. Babban da aka kayar ne ya hana mutanensa, wanda ya samu kuma ya ƙasƙantar da kai. Talakan Boɗinga na wancan zamani ba shi ne zai tayar da yaƙin basasa ba, haka nan jikansa na yau ba shi ke sayen man da ake ƙona rumfa da shi ba.

Wani zai ce mubaya'a daban, ƙuri'a daban, kuma gaskiya ne. Mutane ƙalilan ne suka zaɓi Bello, ba a tambayi manomi ba balle matarsa. Matan Arewa ma sai a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Amma wannan bambanci ƙara wa huɗubar nauyi yake. Sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya wa masu zaɓen shugaba, wato adalci da sanin wanda ya dace, yanzu sun sauko kan duk mai kati. Shi ya sa malamai da yawa suke ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida, suna kafa hujja da aya ta 58 da ta 135 na Suratun Nisa'i, ɗaya kan mayar da amana ga masu ita, ɗaya kan tsayar da shaida ko da a kan kai ne ko iyaye. Idan kuwa shaida ce, to jami'in da ya cika takardar sakamako ta EC8A da wakilin jam'iyyar da ya sa mata hannu sun fi mai dangwala yatsa shiga cikin hukuncin, don shi shaidar mutum ɗaya ya bayar, su ta rumfa guda.

Garin Shagari ya ba da misalin wannan a zamanin ƙuri'a. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a can a 1925, malamin makaranta ne kafin siyasa. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 ya samu ƙuri'a miliyan 5.6 da ɗoriya a NPN, Obafemi Awolowo na UPN ya samu miliyan 4.9. Ƙa'ida ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika wannan a jihohi 12, a Kano ta Malam Aminu kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu cikin uku na 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, ba 13 ba, don haka a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un ake nema, wato kusan kashi 16.7, wanda Shagari ya wuce. Awolowo ya tafi kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari a 26 ga Satumba, aka rantsar da shi 1 ga Oktoba. Har yau ana gardamar wannan lissafi, amma gardama ce kan fassarar doka, alƙaluman suna fili, shi ya sa ta ƙare a gaban alƙalai.

A 1983 alƙaluman ne kansu aka daina yarda da su. Gwamnatin Shagari ta yi ta kiran gyaran ɗabi'a tun 1982, ba a rasa wa'azi ba a rediyo da masallatai da majami'u. Duk da haka, da hukumar FEDECO ta ce Akin Omoboriowo na NPN ya kayar da Gwamna Adekunle Ajasin a Ondo, Akure ta kama da wuta a tsakiyar Agusta, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje, daga baya kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Ranar 31 ga Disamba soja suka kifar da gwamnatin. Kwamitin da ya binciki Shagari a 1986 bai same shi da cin dukiyar ƙasa ba, kuma wannan shi ne abin lura: tsarkin hannun shugaba ɗaya bai ceci zaɓen da na ƙasa da shi suka lalata ba. Limamin da ya taƙaita huɗubarsa kan a zaɓi mai tsoron Allah ya bar ramin da jamhuriya ta biyu ta faɗa a buɗe.

Akwai masu cewa mumbari ya fita harkar zaɓe gaba ɗaya, kuma suna da dalili. An ga malaman da suka zama 'yan kamfe da rawani, an kuma ga abin da zafin harshe ya taimaka wajen haifarwa a Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutuwar mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12. Dokar 2022 kanta ta hana amfani da wuraren ibada wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, ta kuma hana neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila. Sai dai maganin wannan shi ne liman ya san iyakarsa. Kada ya ambaci suna, ko alamar jam'iyya, ko ya yi habaicin da ko yaro zai gane. Hanya mafi sauƙi ta gane huɗubar da aka saya ita ce a ga laifukan da ta lissafa duk na ɓangare ɗaya ne. Shirun liman kuwa ba ya barin filin a wofi, masu rabon dare ne suke cike shi.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa na mai yunwa ne. Mace ta kwana da yara ba abinci, an miƙo mata taliya da turmin atamfa da 'yan dubbai, wani lokaci har a sa ta rantse, ko a ce ta karkata takardar yadda wakili zai hango inda ta dangwala. Wanda ya hau mumbari ya yi mata barazana da wuta, ya tsallake wanda ya loda kayan a mota, bai yi adalci ba, kuma ita ma ta san bai yi ba. Doka ta kama mai bayarwa da mai karɓa duka, hadisi ma ya haɗa su a la'ana, amma mai bayarwa shi ne yake da zaɓi. Abin da za a gaya mata da zai yi amfani lissafi ne na gida: a 2019, bayan an ce zaɓen gwamnan Sakkwato bai kammalu ba aka sake shi a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal cikin fiye da miliyan ɗaya. Rumfa guda a Sifawa ko Shagari tana iya ɗaukar fiye da haka. A 2023 kuma tarwatsa rumfuna ya sa zaɓen majalisar tarayya a jihar bai kammalu ba, har da Sakkwato ta Kudu inda garuruwan biyu suke, sai da mutane suka sake shiga layi ranar 15 ga Afrilu. Kowace rumfar da aka fasa akwai wanda ya biya yaran da suka fasa ta, kuma mai yiwuwa ya yi Juma'a a garin kwana ɗaya kafin nan.