Wane bashi za a fara kashewa? Nazarin lissafin watannin biya a Azare

Ma'aikaci a Azare, ko malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Katagum ko mai jinya a asibitin gwamnatin tarayya, da wuya ka same shi da bashi ɗaya tal. Akwai na mai shago da ake rubutawa a littafi, akwai na ƙungiyar ma'aikata da ake cirewa daga albashi, wani kuma ya haɗa da na ƙaramin banki ko na manhajar waya mai kuɗin ruwa. Masana harkar kuɗi suna da tsari biyu na biyan irin waɗannan basussuka. A duka biyun ana ba kowane mai bin bashi mafi ƙarancin abin da aka yi alkawari duk wata, sai a zuba rarar a kan bashi ɗaya. Idan ya ƙare, kuɗin da yake ci su koma kan na gaba. Tsarin dunƙulen ƙanƙara, wanda Ba'amurken nan Dave Ramsey ya yayata, yana farawa da bashi mafi ƙanƙanta. Tsarin zaftarewar ƙanƙara yana farawa da mafi tsadar ruwa. Tambayar ita ce wata nawa kowanne ke ɗauka, kuma nawa yake ci.

Mu ƙaddara wani malami da ke iya ware naira 50,000 duk wata. Mai shago na bin sa 60,000, ba ruwa, sun daidaita a kan 10,000 a wata. Ƙungiyar wurin aiki na bin sa 150,000, ita ma ba ruwa, tana cire 15,000. Ƙaramin banki na bin sa 200,000 da ruwan kashi 5 cikin ɗari duk wata a kan abin da ya rage, mafi ƙarancin biya 15,000. Alkawuran sun haɗa 40,000, rararsa ke nan 10,000.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Jimillar bashin 410,000 ce, a raba da 50,000 a sami takwas da ɗoriya. Ko da babu ruwa ko kaɗan, ba zai fita kafin wata na 9 ba, kuma babu tsarin da zai sauko ƙasa da haka. Duk abin da ya hau kan wannan, ruwa ne ya kawo shi.

Bashi mai ruwa kuwa, wata-wata ake bin sa: a ɗora ruwan watan, a cire abin da aka biya, a wuce da ragowar. A watan farko ruwan 200,000 shi ne 10,000. Idan malamin ya kai 15,000, uwar kuɗin 5,000 kawai ta ragu, saura 195,000. Mai kwamfuta ko waya mai Excel zai iya rubuta `=NPER(5%,-15000,200000)` ya ga 22.5, wato sai wata na 23 bashin zai ƙare idan aka tsaya a kan wannan biyan. Da 10,000 yake kaiwa, da har abada yana biya bashin na nan daram. Alamar haɗari ke nan: duk wanda ya shekara yana biya ragowar ba ta motsa ba, biyansa ruwa kawai yake sha.

A tsarin farawa da ƙarami, mai shago na karɓar 20,000, malamin ya sallame shi a wata na 3. Lokacin na ƙungiya ya sauko 105,000, sai ya koma karɓar 35,000, ya ƙare a wata na 6. Duk tsawon watannin shida banki 15,000 yake samu, don haka ragowarsa tana kusan 166,000. Daga nan 50,000 gaba ɗaya ta hau kansa: ya dawo kusan 124,300, sai 80,500, sai 34,500, a wata na 10 a biya kusan 36,300 a rufe. Ruwan da aka biya ya kai kusan 76,300.

A tsarin farawa da mai tsada, banki ke karɓar 25,000 tun watan farko. Mai shago yana samun 10,000 ɗinsa har wata na 6, lokacin ragowar banki ta sauko kusan 98,000. Kuɗin mai shago su koma wa banki, biyansa ya zama 35,000. Bayan wata na 9 saura kusan 3,100 na banki da 15,000 na ƙungiya, a wata na 10 a biya kusan 18,200 a huta. Ruwan da aka biya kusan 58,200.

Duka biyun a wata na 10 suka ƙare. Bambancin yana cikin aljihu, kusan naira 18,000, da kuma yawan ƙofofin da mutum ke jin kunyar wucewa: a tsarin farko ya rabu da mai shago wata uku kafin na biyu, kuma daga wata na 6 wuri ɗaya kaɗai ke bin sa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne idan malamin ya ƙara 10,000 ya koma ware 60,000, ko da tsarin farawa da ƙarami ya bi, zai gama a wata na 8 da ruwan kusan 63,000. Yawan abin da ake warewa shi ke rage watanni. Jerin biya kuɗin ruwa yake ragewa.

Sai dai tazarar 18,000 ɗin nan ta dogara ne da sharaɗi ɗaya, cewa ruwan a kan ragowa ake lissafa shi. Masu ba da rance da yawa suna ɗora ruwan a kan asalin kuɗin tun ranar sa hannu, su raba jimillar gida-gida. Haka ma cinikin murabaha na bankunan Musulunci irin su Jaiz: an yanke farashin kaya da ribarsa tun farko, ba ya ƙaruwa da tafiyar watanni, kuma biya da wuri ba ya rage shi sai in bankin ya yi rangwame. A irin wannan, gaggauta biyan mai tsada ba ya ceto ko kwabo, tsarin biyu su zo daidai a jimilla. Hanyar ganewa ita ce a tambayi mai bin bashin, idan na biya duka yau, nawa zan bayar? In amsar daidai take da jimillar sauran biyan da ke cikin takarda, ruwan tsayayye ne. In ta gaza haka sosai, a kan ragowa ake lissafi, kuma duk nairar da aka kai da wuri tana aiki. Wanda kuma yake neman rabuwa da riba saboda addini, tsarin farawa da mai ruwa ya dace da niyyarsa.

Akwai basussukan ƙasar Katagum da ba sa shiga ko wane jeri. Manomin Gadau ko Madara da ya karɓi taki da damina a kan zai biya da kaka, wa'adi ne a kansa. Wanda ya yi kwasar adashe, zubinsa dole ne har zagayen ya cika. Irin waɗannan a cire su daga kuɗin wata tun kafin a fara lissafi, a yi jerin da abin da ya rage. Bashin mai shago ma, da ya zo da sifili a takarda, yana da farashinsa: ɗan tireda da dillali ya daina ba kaya ranar kasuwar Lahadi ya yi asarar cinikin mako. A misalinmu, biyan wannan farashin yana da adadi. Idan sallamar mai shago a wata na 3 da ƙungiya a wata na 6 ta kai wa malamin darajar naira 18,000, ya fara da ƙarami. In mai shagon zai yi haƙuri da 10,000 har wata shida, rarar ta tafi banki.