Kwanakin da Suka Ɓace: Yadda Sauya Kalanda Ya Gusar da Ranakun Tarihi

Mutanen Roma sun kwanta barci a daren Alhamis, 4 ga Oktoba, 1582, suka wayi gari ranar Juma'a, 15 ga Oktoba. Kwana goma aka tsallake da umarnin Fafaroma Gregory na 13, domin gyara wani kuskuren lissafi da ya daɗe yana taruwa.

Kalandar da Turai ke amfani da ita a lokacin, shugaban Rum Julius Caesar ne ya kafa ta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da awa shida, don haka ake ƙara kwana guda a watan Fabrairu duk shekara huɗu. Sai dai ainihin shekarar rana ta gaza haka da kimanin minti 11. Abin da kamar bai taka kara ya karya ba, amma a cikin kimanin shekara 128 yakan taru ya zama kwana guda cur.

Lokacin bikin Ista ne ya tayar da hankalin cocin Katolika. Ana lissafa shi ne daga 21 ga Maris, ranar da aka ɗauka dare da rana ke daidaita a tsawo. Zuwa ƙarni na 16, wannan daidaito ya riga ya koma wajen 11 ga Maris. Saboda haka aka yi gyara biyu. An share kwana goma domin biyan bashin baya. Sannan aka kafa doka cewa shekarar da ta cika ƙarni ba za ta samu ƙarin kwana ba, sai idan 400 za ta raba ta ba saura. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, amma 1900 ba ta samu ba.

Ƙasashen Katolika irin su Sifaniya da Fotugal sun bi nan take. Waɗanda ba sa bin Fafaroma kuwa sun ja ƙafa, kuma jinkirin ya ƙara musu bashi. Lokacin da Birtaniya da yankunan mulkinta suka sauya a 1752, kwana 11 suka tsallake, domin tsohuwar kalanda ta ba shekarar 1700 ƙarin kwanan da sabuwar ta hana ta. Daga Laraba, 2 ga Satumba, sai Alhamis, 14 ga Satumba. Jerin ranakun mako bai taɓu ba. Lambar kwanan wata kaɗai ta canja.

Akwai wani tarko kuma. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne a hukumance ranar 25 ga Maris, ba 1 ga Janairu ba. Ranar haihuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, ta nuna yadda matsalolin biyu ke haɗuwa. An haife shi a Virginia tana ƙarƙashin Birtaniya, a ranar da aka rubuta 11 ga Fabrairu, 1731. Idan aka ƙara kwana 11, sai a samu 22 ga Fabrairu. Tun da kuma Fabrairu ya gabaci 25 ga Maris, a lissafin yanzu watan ya faɗa cikin sabuwar shekara ke nan. Shi ya sa littattafai ke cewa 22 ga Fabrairu, 1732. Duka biyun daidai ne, rana ɗaya ce aka ba suna biyu.

Rasha ba ta sauya ba sai a 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu, tazarar kwana 13. Wannan ne dalilin da ya sa juyin juya halin 25 ga Oktoba, 1917, wanda ake kira na Oktoba, Tarayyar Sobiyat ta riƙa bikin tunawa da shi ranar 7 ga Nuwamba.

Don haka mai nazarin tsohuwar takarda sai ya fara gano ƙasar da aka rubuta ta, da kalandar da take bi a lokacin. Tazarar kwana 10 ce kafin ƙarshen Fabrairun 1700, sai ta koma 11, daga 1800 ta zama 12, daga 1900 kuma 13. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara kwanaki a kan ranar da wani marubuci ya riga ya gyara. Idan takardar ta ambaci ranar mako, ita ce za ta raba gardama: a duba a wace kalanda ce ranar da kwanan watan suka dace.